Aiki Ya Kai Ina? Gwanintar Masu Tsara Zangon Aiki

Duk wanda ya taɓa zama a kwamitin wani aiki, na gwamnati ne ko na ƙungiyar ci gaban gari, ya san amsar da ake bayarwa idan shugaba ya tambayi inda aka kwana. Ɗan kwangila zai gyara zama ya ce, "Ranka ya daɗe, ai aiki ya kai kashi 90 cikin 100." Bayan wata guda a sake zama, a sake tambaya, a sake jin kashi 90. Sau da yawa mutumin ba ƙarya yake yi ba, abin da zuciyarsa ta ba shi ke nan. Matsalar ita ce babu wanda ya faɗa tun farko mene ne kashi 100, balle a san yadda za a auna kashi 90.

Wannan ciwo ba namu ne mu kaɗai ba. Fred Brooks, wanda ya jagoranci wani gagarumin aikin manhajar kwamfuta a kamfanin IBM a shekarun 1960, ya yi bayani a littafinsa na 1975 cewa masu rubuta manhaja kan shafe rabin lokacin aikin suna cewa saura kaɗan. Maganin da ya bayar shi ne a kafa wa aiki zango-zango masu kaifi, waɗanda ko an kai su ko ba a kai ba, babu tsaka-tsaki. Faɗar hakan abu ne mai sauƙi. Zama a rubuta irin wannan zango kuwa gwaninta ce, kuma masu ita ba su da yawa. Wurin da aka fi ganin ƙwarewar tasu a ƙasarmu shi ne aikin rijiyar burtsatse, domin mafi yawan aikin a ƙarƙashin ƙasa yake, inda ido ba ya kaiwa.

Jerin ayyuka daban, zango daban

A ɗauki ƙauye mai mutum 1,000 da za a yi wa burtsatse mai aiki da sola, da tanki a sama, da famfuna. Wanda bai goge ba zai ɗauki biro ya jera: a yi binciken ƙasa, a kawo injin haƙa, a haƙa, a sa kesin, a zuba tsakuwa, a sayo injin jan ruwa, a sayo farantan sola, a yi waldar hasumiya, a ɗora tanki, a ja bututu. Wannan jeri yana da amfani ga mai aiki, domin da shi zai san abin da zai yi gobe da safe. Amma kowane layi a cikinsa yana faɗin abin da mutane za su yi ne kawai. Ana iya yi wa dukkan layukan maki, a biya kuɗi, a yanke ƙyalle, bayan mako uku kuma mata su koma rafi.

Zango kuwa yana faɗin halin da aikin zai kasance a ciki a wata rana, ta yadda baƙon da bai san komai ba zai iya zuwa ya duba ya ce e ko a'a. "A haƙa rijiya" aiki ne. "Rijiya tana ba da lita 1 a kowace daƙiƙa na tsawon awa 24 ba tare da ruwa ya ƙafe ba" zango ne. Na farko yana cin kwanaki da man dizal. Na biyu ba ya cin komai, shaida ce kawai da ake tsayawa a gani.

Gwani yana farawa daga ƙarshe

Abin da ya fara bambanta gwani da saura shi ne ba ya fara tunani daga ranar da injin haƙa zai shigo gari. Daga bakin famfo yake farawa, ya riƙa komawa baya. Zai ce mutum 1,000, kowa lita 20 a rana, lita 20,000 ke nan. Injin da ke aiki da sola ba ya jan ruwa da cikakken ƙarfi sai na kimanin awa 6 a yini, daga hantsi zuwa la'asar. In aka raba 20,000 gida 6, ana buƙatar lita 3,300 da 'yan kai a kowace awa. Lita 1 a daƙiƙa tana ba da 3,600 a awa, wato 21,600 a awa 6. Ga adadin da ake nema ya fito, har da ɗan rara.

Wannan ɗan lissafi shi ne ƙashin bayan aikin gaba ɗaya. Adadin bai faɗo daga sama ba, kuma ba a kwafo shi daga takardar wata kwangila ba. Daga buƙatar mutanen garin ya fito, saboda haka ranar da gardama ta tashi akwai abin da za a koma a kai. Zangon da adadinsa ba shi da asali, ɗan kwangila zai taya shi kamar yadda ake taya kaya a kasuwa, kuma zai yi nasara, domin babu wanda zai iya cewa me ya sa aka ce 1 ba a ce rabi ba.

Bayan ya san inda za shi, sai gwani ya yi wa kansa tambaya ta biyu: a ina ne wannan aiki zai iya mutuwa, kuma a ina ne kwamiti zai iya yanke shawarar da za ta ceci kuɗi? A nan yake kafa zango, ba a duk inda aka gama wani ɗan aiki ba. A aikin burtsatse wuraren biyar ne.

Zango biyar na burtsatse

Na farko shi ne wuri. Yawancin ƙasar Kano da Kaduna, da sassan Katsina da Zamfara da Bauchi, a kan tsohon dutse mai tauri suke zaune. Ruwa a irin wannan ƙasa yana cikin ruɓaɓɓen dutsen da ke sama ne da kuma tsagogin da ke ƙasa, shi ya sa a haƙa nan a samu ruwa, a matsa mita 50 a samu ƙura. A kwarin Sakkwato da na Tafkin Chadi, inda ƙasa ta yashi da laka ce, labarin daban ne. Don haka gwani ba zai rubuta "an yi binciken ƙasa" ba. Zai rubuta cewa akwai rahoto mai sa hannun masanin ruwan ƙarƙashin ƙasa, wanda ya nuna wurare biyu ko uku bi da bi gwargwadon kyawunsu, an kafa turke a kowanne, kowanne ya yi nisan aƙalla mita 30 da masai, kuma mai filin ya ba da shi a rubuce a gaban mai unguwa. Sharaɗin ƙarshe ba na injiniya ba ne, amma rigimar fili ta tsayar da ayyuka da yawa bayan an zuba kuɗi.

Na biyu shi ne rijiya ta kammala a matsayin gini. A nan ne ake binne gaskiya, domin da zarar kesin ya shiga rami babu mai sake ganinsa. Saboda haka zangon yana cewa an auna zurfi da igiya mai nauyi a gaban injiniya mai sa ido, an ƙirga kesin da sikirin, wato bututun nan mai tsaga-tsaga da ruwa ke shiga ta cikinsa, kafin a zura su, an zuba tsakuwa a kewaye, an toshe mitocin sama da siminti don kada ƙazamin ruwan sama ya gangara ciki, sannan an wanke rijiyar da iskar kwamfiresa har ruwa ya washe. Kalmar "ya washe" ma gwani ba ya barin ta haka. Zai ce a cika bokiti mai lita 20, a bar shi ya kwanta, yashin da ya taru a gindi kada ya wuce faɗin farce. Yashi shi ne ke cinye injin jan ruwa cikin 'yan watanni, kuma gwajin bokiti ko yaro zai iya yinsa.

Na uku shi ne ruwa, yawansa da tsabtarsa. A sa injin gwaji a ja lita 1 a daƙiƙa, awa 24 ba tsayawa, ana auna yadda ruwan cikin rijiya ke sauka. Abin da ake so a gani shi ne ya sauka zuwa wani wuri ya tsaya, sama da inda injin zai zauna. In kuwa yana ta sauka har ƙarshen gwajin, rijiyar ba ta iya wannan ja ba, ko da ruwa na fita a bakin bututu. Auna yawan ruwan ba ya buƙatar na'ura mai tsada: duro mai lita 200 zai cika cikin daƙiƙa 200, wato minti 3 da daƙiƙa 20. Sai tsabta. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce kada a samu ƙwayar ikolai ko ɗaya, wadda ke nuna bayan gida ya shiga ruwa, a cikin mililita 100, kuma sinadarin naitiret kada ya haura miligiram 50 a lita. Takardar ɗakin gwaji ita ce shaida, kuma injiniya mai sa ido ne zai ɗebi ruwan ya kai, ba ɗan kwangila ba.

Na huɗu shi ne ruwa a bakin famfo. Tanki ya cika daga babu komai a cikin yini ɗaya da ƙarfin sola kaɗai, kwana uku a jere, babu yoyo, kuma idan aka buɗe dukkan famfunan a lokaci ɗaya kowanne ya cika jarka mai lita 20 cikin minti 3. Kalmomin "a lokaci ɗaya" su ne alamar wanda ya san aiki. Famfo ɗaya in aka buɗe shi shi kaɗai a gaban manyan baƙi zai yi ta feshi, amma da asuba, lokacin da kowa ya fito da jarkarsa, na ƙarshen layi ɗigo kawai zai riƙa yi in bututun ya yi siriri.

Na biyar shi ne ƙarshen rani. Ruwan ƙarƙashin ƙasa ya fi yin nisa a watannin Afrilu da Mayu, kafin damina ta sauka. Rijiyar da aka gwada a Satumba tana iya ruɗin mutum. Don haka ana riƙe kashi 10 na kuɗin kwangila sai an maimaita gwajin zango na huɗu a ƙarshen rani ya ba da sakamako iri ɗaya.

Wanda ya lura zai ga kowane zango yana ɗauke da abu huɗu: halin da ake so a gani, adadin da za a auna shi da shi, wanda zai auna, da ranar da ake sa rai. In ɗaya ya faɗi, zangon ya gurgunce. Babu adadi, gardama. Babu mai aunawa na daban, mai aiki ya zama alƙalin kansa. Babu rana, ba a san an makara ba.

Yadda zaman bita ke kasancewa

Amfanin duk wannan wahala yana fitowa ne ranar zama. A ce an tsara zango na farko a rana ta 10 da nauyin kashi 5 na aikin, na biyu a rana ta 25 da kashi 30, na uku a rana ta 35 da kashi 15, na huɗu a rana ta 60 da kashi 40, na ƙarshe kuma da kashi 10. Kwamiti na zama duk mako. Yau rana ta 35.

Ɗan kwangila ya zo da takardarsa. Cikin ayyuka 20 ya gama 14, wato kashi 70. Ba ƙarya ya yi ba: tanki na nan a shago, an biya kafin alƙalami na farantan sola, mai walda ya yi nisa da hasumiya. In da jerin ayyuka kaɗai kwamiti ke dubawa, da an yi masa sannu da ƙoƙari an tashi.

Sai injiniya mai sa ido ya buɗe tasa takardar, wadda layi biyar ne kawai. Zango na farko an rufe shi a rana ta 12. Na biyu an rufe shi a rana ta 31, an makara da kwana 6. Na uku, wanda ya kamata a rufe yau, ba a rufe ba. Ƙa'idarsa ita ce zango ba ya samun maki sai ya cika gaba ɗaya, babu rabin zango. Saboda haka abin da aka samu kashi 35 ne, alhali a yau kashi 50 aka tsara. Tsakanin 70 da 35 akwai tazara mai yawa, kuma dukkan alƙaluman biyu gaskiya ne. Ɗaya yana auna gumi, ɗaya yana auna abin da ya tabbata.

Amma abin da ya fi ban sha'awa a takardar injiniyan shi ne kowane zango yana da rana uku: ranar da aka tsara tun farko, wadda ba a taɓa gogewa, da ranar da ake hasashe a yanzu, da ranar da aka kai da gaske. Kuma ba ya jefar da hasashen makon jiya. A zaman rana ta 21 ɗan kwangila ya ce za a yi gwajin ruwa a rana ta 37. A zaman rana ta 28 ya ce 42. Yau ya ce 49. Kowane mako ɗaya da ya wuce, ranar tana matsawa da kusan mako ɗaya. Zangon da ke gudu da saurin kalanda ba makara yake yi ba, tsayawa ya yi cik.

Daga nan tambayar kwamiti ta sauya. Shugaba ba zai ƙara cewa "ina aka kwana" ba. Zai ce, "Alhaji, me ya hana gwajin ruwa? Janareto ne babu, ko injin gwajin?" Shi kuma injiniya zai ƙara da cewa, "Ranka ya daɗe, ina ba da shawarar a tsayar da sayen injin jan ruwa da farantan sola har sai mun ga abin da rijiyar za ta bayar." A irin wannan hali dalilin jan ƙafa sau da yawa ɗaya ne: masu haƙa sun lura tun lokacin wanke rijiya cewa ruwan ba shi da ƙarfi, kuma babu mai son ya zama shi ne ya kawo labarin.

A ce kwamiti ya matsa, aka yi gwajin a rana ta 40, rijiya ta tsaya a kan lita 0.4 a daƙiƙa. Lissafi a fili yake: lita 1,440 a awa, 8,640 a awa 6, wato ruwan mutum 432 kawai. Yanzu kwamiti yana da zaɓi na gaskiya a gabansa, kuma rabin nauyin aikin, wanda ya rataya a zango na huɗu da na biyar, bai fita daga hannunsa ba. Yana iya komawa turke na biyu da zangon farko ya tanada a haƙa wata rijiyar a haɗa su a tanki ɗaya. Yana iya sa famfon tuƙa-tuƙa a wannan, domin ruwanta ya ishe shi, a nemi wani wuri don sola. Yana kuma iya sa ƙaramin inji ya rage yawan famfuna, ya faɗa wa mutanen gari gaskiya. Da an bi jerin ayyuka, da an sayo inji mai jan lita 1 an zura a rijiyar da ba ta kai rabin haka ba, ya riƙa zuƙe ta yana jan iska har ya lalace. Wannan shi ne ma'aunin zango mai amfani: in an kai shi ko an kasa, akwai shawarar da za ta sauya. Zangon da sakamakonsa ba ya sauya komai ado ne kawai a takarda.

Inda ake tuntuɓe

Kuskure mafi yawa shi ne auna abin da ke da sauƙin aunawa. Zurfi yana da sauƙi, shi ya sa kwangiloli da yawa ke biya a kan kowace mita. Wanda ake biya a kan mita zai ba ka mitoci, ko da ya wuce inda ruwa yake ya shiga busasshen dutse. Wanda kuma aka ce ba za a biya shi ko sisi ba sai an samu ruwa, zai guje wa ƙauyukan da ke kan dutse, waɗanda su suka fi buƙata, ko ya yi dabarar nuna ruwa na awa ɗaya a ranar duba aiki. Masanin tattalin arziki na Birtaniya Charles Goodhart ya lura da wannan ɗabi'a tun 1975: ma'auni yakan lalace da zarar an mayar da shi abin da ake farauta. Dabarar gwani ita ce ya raba haɗarin. A biya kuɗin haƙa in an haƙa a wurin da masani ya nuna kuma bisa ƙa'ida, ko da rami ya fito a bushe, amma babban kaso ya rataya a kan ruwa. Da haka ɗan kwangila ba shi da dalilin ɓoye busasshiyar rijiya.

Na biyu shi ne tazara. In zango ya yi nisa da ɗan'uwansa, kwamiti zai yi makonni a cikin duhu. A misalinmu akwai kwana 25 tsakanin na uku da na huɗu, kuma gwani zai iya tsaga shi biyu: hasumiya ta ɗauki cikakken tanki na kwana biyu ba ta karkata ba, sannan ruwa a famfo. In kuma zango ya yi yawa, 30 ko 40, an koma jerin ayyuka ta bayan gida. Ma'auni mai kyau shi ne kada a yi zama biyu ko uku a jere babu zangon da ake sa ran rufewa, kuma duka su shiga shafi ɗaya.

Na uku shi ne goge ranar asali. Duk lokacin da aka makara sai a sake buga jadawali da sababbin ranaku, sai aiki ya zama kullum yana kan lokaci a takarda har shekara ta zagayo. Sauya jadawali ba laifi ba ne in akwai dalili, kamar rijiya ta biyu in kwamitinmu ya amince a haƙa. Amma shawara ce da ake yankewa a zama a rubuta a littafi, kuma tsohuwar ranar tana nan a gefe kowa na gani.

Na huɗu ba na takarda ba ne, na halin shugabanni ne. In duk wanda ya ce "ba mu kai ba" zai sha faɗa a gaban jama'a, to mutane za su koyi rufe zango da baki. Kaifin zango yana aiki ne kawai a inda faɗin mummunan labari da wuri ya fi ɓoye shi arha.

Akwai kuma iyaka. Wani aikin ba a san sakamakonsa ba sai an shiga, kamar binciken ƙasa kansa. Ba za a ce wa masani dole ya samo ruwa a rana ta 10 ba. Abin da za a ɗaure shi da shi shi ne amsa: a rana ta 10 mu san ko akwai wurin da ya cancanci a haƙa ko babu. "Babu" ma rufe zango ne, kuma ya fi kowane zango ceton kuɗi.

Daga ƙauye zuwa ƙasa

Wannan dabara ba ta tsaya ga ƙananan ayyuka ba. A 2012 Bankin Duniya ya ɓullo da tsarin ba da kuɗi bisa sakamako, inda ba a sakin kuɗi don an kashe kuɗi, sai don an kai wani ma'auni da aka yarda da shi tun farko kuma wani mai tantancewa na daban ya tabbatar. A kan wannan tsari aka gina shirin ruwa da tsabtar muhalli na SURWASH da aka amince da shi a 2021 na dala miliyan 700, wanda Kaduna da Katsina da Gombe da Filato ke cikin jihohinsa. Yaƙi da cutar shan inna ma haka ya tafi. Yawan zagayen rigakafi jerin ayyuka ne. Zangon kuwa shi ne a shafe aƙalla shekara 3 ba a ga ƙwayar cutar ta asali ba, alhali ana bincike na gaske. An ga ta ƙarshe a Najeriya a jihar Borno a 2016, kuma sai a ranar 25 ga Agusta 2020 wani kwamiti mai zaman kansa ya tabbatar da cewa Afirka ta rabu da ita. Hali, adadi, mai tantancewa, lokaci: abubuwa huɗun nan ne dai na burtsatsen ƙauye.

Abin yabo ga masu wannan gwaninta shi ne suna yin gardamar tun kafin a fara aiki, lokacin da kowa ke da fara'a kuma ba a kashe ko kwabo ba. A ranar ne ake zama da ɗan kwangila a karanta masa kowane zango, a tambaye shi ko ya yarda da duro mai lita 200 da minti 3 da daƙiƙa 20, ya sa hannu. Bayan haka babu buƙatar rantsuwa ko zargi, domin gani ya kori ji.

Ga duk mai zama a kwamitin wani aiki, masallaci ne ko makaranta ko rijiya, ga gwaji mai sauƙi kafin a saki kuɗin farko. A ɗauki kowane layi na jadawalin a tambaya: wa zai je ya duba, me zai auna, kuma in ya dawo ya ce a'a, me za mu fasa yi? Layin da ba shi da amsar waɗannan tambayoyi uku a mayar wa mai shi ya sake rubutawa, kuma kada a sa hannu a kwangilar sai ya dawo da amsa.